Goggo Tana Neman Abokin Zama: Yadda Muka Rubuta Mata Bayanin Neman Aure Tana Da Shekara 54

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya.

Yau zancen zawarci za mu yi, amma na iyayenmu. Matar da mijinta ya rasu, ta fita takaba, ta haura hamsin, kuma tana son ta sake aure. Me za a rubuta a kanta idan za a kai bayaninta wurin mai dalilin aure, ko a saka a irin guruf ɗin haɗin aure na WhatsApp da Facebook da suka yi yawa yanzu? Na san da yawanku ku ne masu riƙe wa iyayenku waya, ku ake ce wa "zo ki rubuta min". Shi ya sa da ku nake.

Zan bi da ku ta kan misali guda da aka yi da ni a ciki, da izinin mai abin. Ba zan faɗi sunanta ba, Goggo zan riƙa ce mata. Haifaffiyar ƙasar Gwaram ce, aka kawo ta Birnin Kudu aure tana da shekara 16. Ta yi shekara 35 a ɗakinta, maigidan ya rasu shekara uku da suka wuce, Allah Ya jiƙansa. Yanzu tana da 54. 'Ya'yanta shida: huɗu sun yi aure, ɗaya tana karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, sai auta, mace, mai shekara 15 da ke gabanta. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma da kaka tana aikawa kasuwar Sara a sayo mata riɗi ta ajiye.

'Yarta ta Dutse ce ta fara rubuta mata, ta turo min in duba. Ga abin da ta rubuta:

"Wata baiwar Allah ce mijinta ya rasu, tana cikin kaɗaici, tana neman wanda zai taimaka ya rufa mata asiri. Shekarunta 45. Tana da gidanta da sana'arta, ba za ta ɗora wa kowa nauyi ba. Ko wane iri ne in dai mai addini ne."

Yarinyar nan da zuciya ɗaya ta rubuta, kuma wallahi irin wannan rubutun shi ya cika guruf-guruf. Amma kusan kowane layi a cikinsa akwai abin da zai dawo ya ciji Goggo.

Mu fara da "ya taimaka ya rufa mata asiri". Asirin Goggo a rufe yake. Tana ci, tana sha, tana biya wa auta kuɗin makaranta. Da na tambaye ta, "Goggo, me kike nema a auren nan?" shiru ta yi, sannan ta ce tun da maigidan ya rasu ba ta da wanda za ta yi shawara da shi bayan isha'i. 'Ya'ya sai dai ta ba su shawara, ba ta iya kai musu tata damuwar. Wannan ita ce buƙatar: abokin hira, abokin shawara. In kika rubuta "taimako", kin gaya wa duk namijin da ya karanta cewa alfarma zai yi. Wanda kuwa ya shigo da tunanin alfarma ya yi, ranar da aka samu saɓani sai ya yi gori. Kalma ɗaya ce, amma ita ke tsara yadda za a zauna.

Sai shekaru. An sare mata tara. A Kano ko Kaduna ƙila ƙaryar ta ɗan yi kwana, amma tsakanin Birnin Kudu da Gwaram? Haba. Babban ɗanta ya kai 36. Duk wanda ya zo da gaske zai yi bincike, kuma mutum na farko da zai tambaya ƙila tare suka yi makarantar allo da ita. Ranar da ya gane an rage shekaru, duk sauran gaskiyar da aka faɗa masa ta zama abin shakka. Ban da haka, mai neman 'yar 45 yana iya kasancewa yana sa ran haihuwa. Goggo haihuwa ta wuce mata, kuma gara a faɗa tun a rubuce da a bari mutum ya zo da burin da ba za a cika masa ba.

A nan nakan tuna wa mutane Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda. Da Abu Salama ya rasu ta gama idda, Manzon Allah (SAW) ya nemi aurenta. Ba ta ɓoye komai ba, abu uku ta gabatar: tana da kishi, shekaru sun ja, kuma tana da yara. Wato abubuwan da mu yau muke gogewa daga bayaninmu, su ta sa a gaba. Nana Khadija kuma, ita ta fara aikawa, ta hannun ƙawarta Nafisa. Don haka duk wanda ya ce muku abin kunya ne babbar mace ta bayyana cewa tana son aure, ku tambaye shi daga ina ya samo.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe: "tana da gidanta".

Na tambayi Goggo, gidan nan na wa ne? Ta ce na marigayi ne, ba a raba ba tukuna. Tana da abokiyar zama, ita ma da 'ya'yanta, ta koma garinsu bayan takaba. To mu yi lissafi. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya, tumuni take samu, wato kashi ɗaya cikin takwas. In matan sun fi ɗaya, wannan tumunin guda shi za su raba. A ce an yi wa gidan kuɗi naira miliyan 8. Tumuni miliyan 1 ke nan. Mata biyu, kowacce dubu 500. Sauran miliyan 7 na sauran magada ne, kuma a nan 'ya'ya ne, nata da na abokiyar zamanta, tunda iyayen marigayin sun riga shi rasuwa. Kun ga ke nan abin da Goggo ta mallaka a gidan nan bai wuce kashi ɗaya cikin sha shida ba.

Saboda haka "tana da gidanta" ba gaskiya ba ne, ko da yake ba da niyyar ƙarya aka rubuta ba. Kuma layi ne mai kiran irin mazan da ba a so: wanda haya ta ishe shi, wanda ke neman inda zai ajiye jakarsa. Ku ɗauka an yi auren, ya tare a gidan. 'Ya'yan ɗaya ɗakin suna da cikakken haƙƙin su ce wane ne wannan a gidan ubanmu, a raba mana gado yanzu. Abin da aka yi shekara uku ana lallaɓawa, sai a wayi gari ana gaban alƙali a kansa.

Amma fa Goggo ba ta son barin gidan yanzu, kuma tana da hujja. Auta tana makaranta a nan, masu sayen mai sun san ƙofar nan, injin markaɗen da take kai gyaɗa yana kusa. Hausawa sun daɗe da irin wannan aure, ba sabon abu ba ne: auren ɗauki-sandarka, inda mace ke zaune a inda take, miji ya riƙa zuwa. Matsalar ita ce yadda za a faɗe shi. Abin da na shawarta shi ne a rubuta buƙatar, a bar maganar mallaka: "Ina so in ci gaba da zama a garin da nake har ƙaramar 'yata ta gama sakandare." Wannan gaskiya ce tsantsa, tana da dalili, tana da wa'adi, kuma ba ta yi wa kowa tallan gida ba. Kafin nan kuma aka zauna da magada duka, har na ɗaya ɗakin, aka gaya musu abin da ake ciki. Suka amince ta ci gaba da zama, shi kuma duk wanda za a aura ya riƙa zuwa, amma ba zai kwaso kayansa ya tare ba.

Wani abu da ke tafe da wannan, wanda 'yan mata da yawa ba su sani ba: a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ta fi kowa haƙƙin riƙon 'yarta har ta yi aure, amma in uwar ta auri wanda ba muharramin yarinyar ba, haƙƙin riƙon na iya komawa ga wata daga dangi. Galibi ba a kai ga rigima, sai dai in akwai baffan da dama yana da ƙulli, wannan ce ƙofar da zai shigo ta ita. Don haka aka je aka gaida baffannin auta, aka sanar da su tun kafin su ji a bakin duniya.

Sai layin "ba za ta ɗora wa kowa nauyi ba". Wannan na goge shi gaba ɗaya. Ci da sha da sutura da wurin kwana haƙƙin mace ne a kan miji, ko tana da shekara 20 ko 60, ko tana da sana'a ko ba ta da ita. In bayan aure ta ga dama ta sauƙaƙa masa wani abu, wannan kyautarta ce, kamar yadda Nana Sauda ta bar wa Nana A'isha kwananta. Amma a rubuta tun a talla cewa an yafe? Kin sayar da haƙƙinki kafin a taya. Kuma malamanmu na Malikiyya suna da magana mai tsauri a kan auren da aka ƙulla bisa sharaɗin babu ciyarwa, don haka duk wani sharaɗi da za a sa, har na zama a gari, a kai wa malami ya duba kafin ranar ɗaurin aure.

To wa zai karɓi kira? Kada a sa lambar Goggo. Kada a sa ta 'yarta budurwa ma, kun san dalili: wani zai kira don uwa ya ƙare da "ke fa, an yi miki miji?" Lambar namiji babba daga danginta ake sawa.

A nan ne muka ci karo da abin da ya fi komai wuya. Bazawara ba a yi mata dole, ta fi waliyyinta iko da kanta, sai da izininta a fili. Amma duk da haka sai da waliyyi, kuma a Malikiyya ɗa yana gaban uba da ɗan'uwa wajen waliccin irin wannan mace. Wato babban ɗan Goggo shi ne a sahun farko. Ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa. Ta yaya za ta dube shi ta ce aure nake so? Shi kuma da labari ya kai masa, cewa ya yi, "Me muka rage ta da shi?"

Samari masu saurare, ga ni gare ku. Kuna aiko da buhun shinkafa, kuna tura kuɗi, Allah Ya saka. Amma ƙarfe tara na dare kana ɗakin matarka, ita tana zaune da rediyo. Ba ka rage ta da komai ba, abin da take nema ne ba ya cikin abin da ɗa ke iya bayarwa. Kuma in waliyyi ya hana mace auren wanda ya dace da ita ba da wani dalili na shari'a ba, alƙali na iya ɗaura mata. Ba wanda ke son a kai nan. Abin da aka yi shi ne, yayan Goggo da ke Gwaram, kawun yaran, ya zo ya kwana biyu, ya zauna da babban ɗan su biyu. Ban san duk abin da suka tattauna ba, amma a ƙarshe ɗan ya wakilta kawu ya tsaya a kan komai, shi kuma a riƙa sanar da shi. Kunya ta tsira, haƙƙi ya tsira. Lambar kawu aka sa.

Hoto kuwa, babu. Abin da ya shiga guruf ya fita daga hannunki, gobe sai ki gan shi a wayar mai shagon unguwarku. Haka sunan unguwa, da sunan marigayi, da aikin da ya yi. A gari irin Birnin Kudu, in kika ce "matar marigayi malamin makaranta kaza mai sayar da man gyaɗa", kin faɗi suna ke nan. "Kudancin Jigawa" ya wadatar. Wanda kawu ya tantance, shi zai zo zaure a gaisa, ya gani da idonsa.

Ga abin da muka fitar a ƙarshe, da bakinta, bayan na karanta mata sau uku tana gyarawa:

"Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 54, daga kudancin Jigawa. Mijina ya rasu shekara uku da suka wuce bayan zaman shekara 35, na daɗe da fita takaba. Ina da 'ya'ya shida, ɗaya ce ta rage a gabana, haihuwa kuma ta wuce. Ina sana'ar hannu a cikin gida, ina zuwa Islamiyyar matan aure, na sauke Alƙur'ani ina tilawa. Ina da hawan jini, ina shan magani, ban da shi lafiyata ƙalau. Ni mai son tsafta ce da hira, ba na son hayaniya, kuma in abu ya dame ni nakan faɗa.

Ina neman dattijo daga shekara 55 zuwa 68, mai tsare sallah, mai abin yi ko fansho, wanda iyalinsa za su san da maganar tun farko. Mai mata ko wanda matarsa ta rasu, duka babu laifi. Ina so in ci gaba da zama a garin da nake har 'yata ta gama sakandare. Za mu yi gwajin lafiya mu biyu kafin a sa rana. Mai magana ta gaskiya ya tuntuɓi yayana."

Ku lura da "in abu ya dame ni nakan faɗa". 'Yarta ta so a cire, wai zai kori maza. Goggo ta ce a bar shi, wanda wannan zai kora gara ya koru tun yanzu. Ni ma bayanta na bi. Duk bayanin da kuka karanta a guruf cewa yake "mai haƙuri, mai biyayya", har kalmomin sun daina nufin komai. Layi ɗaya na ainihin halin mutum ya fi su aiki.

Ku kuma lura ba a zuba yabon marigayi ba. An faɗi shekarun zama, ya isa. Shekara 35 a ɗaki ɗaya ta gaya wa mai hankali duk abin da yake son sani, ba sai an sa shi gasa da wanda ke kabari ba.

Maganar gwaji, kada kowa ya ji nauyinta. Tun auren zawarawa da Hisbar Kano ta fara a 2012, zamanin Kwankwaso da Malam Aminu Daurawa, gwajin lafiya na cikin sharuɗɗa, kuma a 2024 Kano ta mai da gwaji kafin aure doka. Ga masu shekarun Goggo, gwajin jinin sikila ba shi ne abin damuwa ba tunda ba haihuwa za a yi ba. Abin dubawa shi ne cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta. A je tare, ko asibitin tarayya na Birnin Kudu ko babban asibitin Gwaram, a karɓi sakamako tare. Takardar da mutum ya zaro daga aljihu ya ce ya riga ya yi, ba a karɓa.

Bayanin ya fita ta hannun wata mai dalilin aure da kuma guruf ɗaya da kawu ya yarda da masu kula da shi. Cikin wata biyu mutum tara suka kira. Yadda aka tace su ba wuya. Uku tambayarsu ta farko ita ce gidan nata ne ko na gado, alhali ba a ambaci gida ba ko sau ɗaya. Kawu ya ce musu na marayu ne, ba su sake kira ba. Ɗaya ɗan shekara 38 ne, wai shi babbar mace yake so, ya kuma tambayi nawa take samu a sana'ar. Ɗaya ya ce yana Legas, a turo hoto da lambarta, in ya so ya zo da sallah. Biyu suka ce a yi abin a rufe kada uwargida ta ji. Irin wannan kawu bai ko tsaya jan zance ba, domin auren da aka ɓoye wa uwargida, ranar da mijin ya rasu amarya ce za ta tsaya tana rantsuwa cewa ita ma matarsa ce.

Saura biyu. Kawu ya tambayi kowanne abu uku: sunan limamin masallacin da yake sallah, sunan mai unguwarsa, da yadda aurensa na baya ya ƙare ko yake tafiya. Sannan ya hau mota ya je da kansa, bai aika ba. Na farko, maƙwabta suka ce mutumin kirki ne a masallaci, amma ya saki mata huɗu cikin shekara goma. Aka ba shi haƙuri.

Na biyun dattijo ne mai shekara 63 daga wajen Basirka, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, yana noma, matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ya zo gaisuwa sau uku, a zaure, auta na kai ruwa tana dawowa. Zuwa na biyu ya taho da babbar 'yarsa, wanda a wurina ya fi duk wata kyauta da zai riƙo. Sun yi gwaji. Inda maganar ta tsaya yanzu shi ne wurin zama: shi yana so ta koma can bayan shekara ɗaya saboda gona da jikoki, ita ta ce sai auta ta gama, saura shekara biyu. Kawu ya ce kada a sa rana sai an rubuta abin da aka amince a kai, kwana nawa zai riƙa yi a Birnin Kudu kowane mako da kuma nawa ne kuɗin cefane, shaidu biyu su sa hannu. Ranar Juma'a mai zuwa za su sake zama a Gwaram.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, amma don Allah kada a sa sunan kowa ko lambar waya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.